Ogana na cikin kwamitin da ya yi min intabiyun ƙarin girma, wane irin saƙo zan bi su da shi?

Kainuwa_87: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Shekarata 6 a kamfaninmu, ina sashen da ke sarrafa odar kwastomomi. An buɗe gurbin shugaban ƙaramin sashe, mu 4 muka nema, dukanmu 'yan gida, kuma jiya Talata aka yi mana intabiyu. Mutum 3 ne a kwamitin: manajana, wata mata daga sashen kula da ma'aikata, sai manajan sashen kuɗi wanda iyakarmu da shi gaisuwa. Sun ce nan da mako 2 za mu ji sakamako.

Abu biyu ke damuna. Na farko, manajan nan nawa tebur biyu ne tsakanina da ƙofar ofishinsa, kullum muna tare, har tsokanar juna muke kan ƙwallo. In na rubuta masa wasiƙar godiya irin ta baƙo, wallahi dariya zai yi. In kuma na yi shiru, kada sauran biyun su ga kamar na ɗauka na riga na samu. Na biyu ya fi ci min rai. An tambaye ni wani aiki da na jagoranta bara, na ce mun rage lokacin kammala oda daga kwana 5 zuwa kwana 2. Da na dawo tebur na buɗe rahoton, ashe kwana 3 ne. A wata ɗaya kacal muka taɓa kai kwana 2, shi ne ya zauna min a ka. Me zan yi?

Dogo_Mai_Biro: Wa alaikumus salam. Kada ka aika komai. Mutanen nan shekara 6 suna kallon aikinka, imel na layi biyar ba zai sauya musu ra'ayi ba. Wasiƙar godiya ta wanda ba a sani ba ce, don a tuna da fuskarsa. Kai wa zai manta da fuskarka? Fadanci kawai za a ce kana yi.

Maman_Ilham: Allah ya ba da sa'a ɗan'uwa. Ka tura musu godiya cikin awa 24, ka haɗa da takardar tarihin aikinka, ka sake faɗin dalilin da ya sa kake son aiki da kamfanin, ka nuna ka yi bincike a kansu. Haka na yi na samu nawa.

Kainuwa_87: @Maman_Ilham na gode, amma a cikin kamfanin nake. Binciken da zan yi a kansu ai na san har firintar da ke cin takarda.

Maman_Ilham: Au, yi haƙuri, a gurguje na karanta. To batun awa 24 dai yana nan.

Uwar_Fayil: Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, na zauna a irin wannan kwamiti sau da yawa, bari in ce wani abu. @Dogo_Mai_Biro yana da rabin gaskiya. A wuraren da ake bin tsari, kowane ɗan kwamiti yana da takardar makinsa, kuma yawanci a ranar ake cikewa, wani lokaci kafin mai nema na gaba ya shigo. Don haka godiyarka ba za ta ƙara maka maki ba, kada ka sa rai da wannan.

Amma maganar kwana 2 da kwana 3 daban ce, kuma ita ce ta sa dole ka rubuta. Da daga waje kake, da wuya wani ya iya bincikar adadin. Kai ɗan gida ne, rahoton yana cikin kwamfutarsu. Manajanka ma ƙila shi ya sa masa hannu, kuma ba mamaki ya gane a lokacin da kake faɗa, ya yi shiru saboda ba hurumin ɗan kwamiti ba ne ya gyara wa mai nema amsa. In suka zauna tattaunawar ƙarshe wani ya buɗe rahoton, tambayar da za ta taso ita ce: kuskure ya yi ko ƙarin gishiri? Ba ka cikin ɗakin balle ka amsa. In gyaranka ya riga su isa, tambayar ba za ta taso ba.

Saboda haka saƙo ɗaya, yau ɗin nan, ta imel ɗin ofis. Ka sa matar sashen ma'aikata a matsayin wadda ka rubuta wa, sauran biyun a CC. Godiya a taƙaice, gyaran adadin, shi ke nan.

Dogo_Mai_Biro: Hajiya, ba tonon silili zai yi wa kansa ba kuwa? Wataƙila babu wanda ya lura. Shi da kansa zai ɗauki kuskuren ya ajiye musu a tebur, a rubuce kuma.

Akawu_Shiru: @Dogo_Mai_Biro akwai manajan kuɗi a kwamitin fa. Mu 'yan lissafi in aka faɗi adadi a gabanmu hannunmu da kansa yake rubutawa, ko ba mu yi niyya ba. Kuma daga 5 zuwa 2 ragin kashi 60 cikin 100 ne, daga 5 zuwa 3 kashi 40. Wannan ba ƙaramar tazara ba ce. Ni in na ji 60 sai na je na duba, don ya yi kyau da yawa.

Baban_Hanif: Na yarda a rubuta, amma ban yarda da saƙo ɗaya ga mutum uku ba. Abin da aka koya mana shi ne kowa ka rubuta masa nasa, ka ambaci wani abu da shi ya tambaye ka. Ta haka ne ma matsalar @Kainuwa_87 za ta warware: na manajan kuɗi ka yi shi da cikakken ladabi, na oganka ka saki jiki yadda kuka saba. Saƙo ɗaya ba zai ɗauki murya biyu ba.

Uwar_Fayil: @Baban_Hanif shawarar nan tana aiki ga mai nema daga waje. A cikin gida tana da haɗari, kuma haɗarin a kan ogan yake sauka. Ka tuna su 4 ne, kuma 3 za su rasa. In ɗaya ya kai ƙorafi cewa an yi son kai, abu na farko da za a duba shi ne ko wani ɗan kwamiti ya yi hulɗa ta gefe da wani mai nema kafin a yanke hukunci. Sai a ga saƙon raha tsakanin manaja da yaronsa washegarin intabiyu. Ko babu komai a ciki, ka ba shi aikin kare kansa. Na ga manajan da ya janye daga tattaunawar ƙarshe saboda irin wannan, kuma wanda ya yi asara shi ne yaron nasa, don ya rasa mutum ɗaya da ya fi kowa sanin aikinsa.

Ga kuma gyaran adadin. In ka aika wa mutum uku daban-daban, kowa zai zaci shi kaɗai ya sani. In saƙo ɗaya ne, kowa ya ga sunan kowa, kuma ya shiga fayil.

Baban_Hanif: Kan gyaran na sallama. Kan godiyar har yanzu ina ganin saƙon gayya ba shi da ɗumi. Ba kowane kamfani ne ke da wannan tsaurin ba. Inda nake mu 30 ne gaba ɗaya, babu takardar maki, mai kamfani da manaja ne ke zama su yanke.

Uwar_Fayil: A irin wurinku ba zan yi musu ba. Amma shi ya ce akwai kwamiti da wakiliyar sashen ma'aikata da wa'adi, alamun wurin da ke ajiye takarda ke nan.

Tauraruwa_K: Tunda an ambaci saƙo ga kowa da kowa, ku bari in ba ku labarin abin kunyata. Na yi irin wannan intabiyu shekarun baya. Na koma tebur da zumuɗi, na buɗe imel ɗin gayyatar, na danna Reply All na zuba godiya, har da faɗin abin da zan gyara a sashen cikin wata 3 na farko in aka ba ni. Ban duba ba, ashe gayyatar guda ɗaya aka tura wa dukan masu nema da jadawalin lokacin kowa. Abokan takarata biyu suka karanta tsarina kaf, ɗaya ma sai washegari za ta shiga nata intabiyun. Kuma cikin abubuwan da na ce zan gyara akwai aikin da ita take yi. Mun fi wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki. Ka buɗe sabon saƙo, ka rubuta sunayen da hannunka.

Kainuwa_87: Innalillahi. Na duba yanzu, namu ma haka aka turo shi, mu 4 a gayyata ɗaya. Allah ya saka da alheri, da na afka.

Sarkin_Zolaya: Ni dai da ni ne, WhatsApp zan tura wa oga: "Oga yaya ka ga yaronka jiya?" Daga amsarsa za ka gane inda aka dosa. Sabo ai don irin wannan rana ake yinsa.

Malam_Tawada: @Sarkin_Zolaya kana so ka sa mutum a tsaka mai wuya. In ya ce ka yi ƙoƙari, ka ɗauka alkawari ne. In ya yi shiru, ka kwana kana lissafi. In ya faɗa maka gaskiya, ya fasa sirrin kwamiti. Babu amsar da zai bayar ya tsira. Na taɓa zama a kujerar ogan, kuma yaron da na fi ganin girmansa shi ne wanda washegari ya shigo ya tambaye ni batun aikin ranar kamar ba abin da ya faru.

Kainuwa_87: To ga abin da na rubuta, ku duba min kafin in tura:

"Ranku ya daɗe, cikin ladabi da girmamawa nake miƙa matuƙar godiyata bisa wannan dama mai daraja da kuka ba ni ta bayyana a gabanku. Ina mai ba da haƙuri ƙwarai da gaske bisa wani babban kuskure da na tafka, wanda ya hana ni barci. Ina roƙon ku yafe min, kuma ina tabbatar muku ba halina ba ne. In aka ba ni wannan matsayi, na yi alkawarin ba zan ba ku kunya ba."

Sarkin_Zolaya: Wannan ai takardar neman sassauci ce a gaban alƙali. Me ka sata?

Malam_Tawada: Ɗan'uwa, ka karanta shi da idon manajan kuɗi. Ka ce ka tafka babban kuskure, kuma har ƙarshen saƙon ba ka faɗi mene ne ba. Sannan "bayyana a gabanku" magana ce ta wanda bai taɓa shiga ginin ba. Ladabin da ya wuce kima a wurin mutanen da kuke aiki tare kullum yana zama kamar ka ja baya da su, ko kuma kana tsoro, alhali kujerar shugabanci kake nema.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Ka tuna yadda kake rubuta wa manajanka imel ɗin aiki in ka san shugabansa na cikin CC. Ba ka tsokanarsa, ba ka kuma yi masa kirari. Wannan muryar ce ake so. Yadda ka saba kiransu a imel ɗin aiki, haka za ka kira su, kada ka ƙirƙiro sabon laƙabi yau.

Uwar_Fayil: Na goyi bayan Malam. Kuma cire alkawarin ƙarshen nan, intabiyu ya ƙare, kada ka buɗe zagaye na biyu ta imel. Ga yadda ni zan sa shi, sai ka mayar da shi harshen da kuke aiki da shi:

"Barkanku da aiki. Na gode da lokacin da kuka ba ni jiya Talata kan gurbin shugaban sashen oda. Ina so in gyara adadi ɗaya da na faɗa. Na ce aikin bara ya rage lokacin kammala oda daga kwana 5 zuwa 2. Daidai shi ne daga 5 zuwa 3 a matsakaicin shekara. Kwana 2 sakamakon wata ɗaya ne kawai. Na haɗa shafin rahoton da ke nuna haka. Tambayar da aka yi min kan yadda za a rage odar da ake mayarwa saboda kuskuren farashi ta sa ni tunani, kuma abu ne da zan so in yi aiki a kai. Na gode."

Jimlar tambayar misali ce na ƙirƙira, ka sa wadda aka yi maka da gaske, ko ka cire ta. A taken saƙon ka sa sunan gurbin da kalmar gyara, don mai ajiye fayil ta same shi ba wahala. Shafi ɗaya za ka haɗa, ba rahoton duka ba.

Akawu_Shiru: "A matsakaicin shekara" ɗin nan shi ne ya gyara komai. Ya nuna daga ina 2 ɗin ya fito, ba daga iska ba.

Dogo_Mai_Biro: Babu ban haƙuri ko ɗaya? Ni ina ganin ya bushe. Mutum ya faɗi abin da ba daidai ba, ko "a yi haƙuri" ai ya kamata.

Uwar_Fayil: Ya sa guda ɗaya in yana so, ba laifi. Uku ne matsala.

Gwanin_Waya: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri da katsalandan. Na yi nawa intabiyun yau kwana 19, sun ce mako 2, har yanzu tsit. Kullum ina haɗuwa da matar sashen ma'aikata a matakala, sai ta yi murmushi ta wuce. Murmushin nan na samu ne ko na tausayi?

Tauraruwa_K: Murmushin wadda ba ta so ka tare ta a matakala ne.

Uwar_Fayil: @Gwanin_Waya Tauraruwa ta faɗi gaskiya, ni ma na sha yin wannan murmushin. Jinkiri a ƙarin girma na cikin gida sau da yawa ba shi da alaƙa da kai. Kwamiti shawara yake bayarwa, akwai wanda zai sa hannu a sama, ƙila ya yi tafiya. Akwai batun matakin albashi da sai sashen kuɗi ya amince. Akwai wanda mutane ke mantawa: in an ɗaga ka, wa zai zauna a kujerarka? Wani lokaci manajan da zai sake ka ne ke jan ƙafa sai an samo masa madadi. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai kuma yiwuwar an yi wa wani tayi ana jiran ya karɓa kafin a sanar da sauran. Daga waje duka kamanninsu ɗaya, ba za ka iya bambancewa ba.

Wa'adi ya wuce da kwana 5, kana da damar tambaya. Imel na layi biyu gare ta ita kaɗai: an ce za a ji sakamako ranar kaza, kana so ka san ko akwai sabon lokaci. Lokaci za ka tambaya, ba sakamako ba, don shi ne abin da take da ikon faɗa maka. In ta ba ka sabuwar rana, ka jira ta. @Kainuwa_87 kai ma ka riƙe wannan: wa'adinka Talatar sama ta biyu, kada ka taɓa su kafin Alhamis ɗin makon.

Baban_Hanif: Wani abu da ba a taɓo ba. In aka ba ɗaya daga cikin abokan takararka ukun nan, shi zai zama shugabanka kai tsaye, ko ba haka ba? To duk abin da ka rubuta yanzu ka rubuta shi yadda ko shi ya gani wata rana ba za ka sunkuyar da kai ba. Imel ɗin ofis na kamfani ne, ba naka ba.

Kainuwa_87: Haka ne, biyu daga cikinsu ma ɗaki ɗaya muke. Tun jiya kowa ya zama mai yawan aiki, ba mai kallon wani.

Wata tambayar: duk Litinin ina da zama na minti 30 da manajana, mu biyu. In yi kamar ba a yi intabiyu ba? Zai zama wani iri.

Malam_Tawada: Jimla ɗaya a farko ta isa: ka gode da intabiyun Talata, ka san ba zai iya cewa komai ba sai an gama, don haka ba za ka tambaya ba. Sai ka buɗe jerin aikinka. Za ka ga kafaɗarsa ta sauka. Tsokanar ƙwallo kuma ku ci gaba da abinku, in ka daina ne ma zai zargi wani abu.

Dogo_Mai_Biro: Ni ko jimlar ba zan faɗa ba. Faɗin "ba zan tambaya ba" ai tambaya ce da ta sa hula.

Malam_Tawada: Ya danganta da mutumin. Wani shirun ya fi masa nauyi. Kainuwa ya fi mu sanin ogansa.

Kainuwa_87: Na tura da ƙarfe 3. Na ɗauki na Hajiya, na sa "a yi haƙuri da kuskuren" sau ɗaya saboda Dogo, na canza tambayar zuwa wadda manajan kuɗi ya yi min da gaske. Matar sashen ma'aikata ta amsa cikin minti 20 cewa ta samu, ta sa a fayil. Manajan kuɗi bai ce komai ba. Ogana kuma bai amsa imel ɗin ba, amma da zai fita ya tsaya a teburina ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota, ya ce, "Ukun ma mu muka san wahalar da aka sha," ya wuce.

Sarkin_Zolaya: Ka samu! A fara shirin taya murna.

Akawu_Shiru: Abin da na ji a maganar kawai shi ne ya san 3 ne tun a ɗakin.

Uwar_Fayil: Kada ka gina komai a kanta, ko mai daɗi ko akasinsa. Murya ɗaya ce cikin uku, kuma da gangan ya faɗa da baki bai rubuta ba. Kai ma kada ka bi shi da saƙon godiya a kan wannan.

Gwanin_Waya: Ni ma na tura nawa layi biyun. Ta ce wanda zai sa hannu sai Laraba zai dawo. Yanzu in Laraba ta wuce, in ƙirga daga ranar ko daga wa'adin farko?

Uwar_Fayil: Daga Laraba. Ka ba shi kwana biyu ya buɗe abin da ya taru a teburinsa.

Kainuwa_87: Ɗaya daga cikin abokan takarar tawa ta leƙo yanzu tana tambaya ko na tura wa kwamiti wani abu, wai ta ga kamar ana yi. Na ce mata eh, godiya da gyaran wani adadi. Ta ce in nuna mata yadda na tsara. Ban amsa ba tukuna, na ce mata ina zuwa.